Sauda Mai Cuku da Mutumin Abijan

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Tawa ya san Sauda mai cuku, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mace ce mai wushirya, ta doshi arba'in, tana zama a inuwar rumfa kusa da ƙofar da manyan motoci ke fita. A gabanta akwai faranti cike da cuku, busasshiyar madarar nan fale-fale da matan makiyaya ke shanyawa a kan tabarma. Ba ta kiran ciniki da ƙarfi kamar sauran 'yan talla. Matafiya ne ke nemanta, don an san ba ta haɗa na jiya da na bara.

A wani ƙauye na yankin Tebaram aka haife ta, gidan manoma. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan ta bari, sannan ta auri Abdurazak, wanda ita da kanta ta nuna ta ce shi take so. Kamar yawancin mazan Adar, wato yankin nasu na Tawa, da an gama girbi sai ya ɗaure kaya ya nufi Abijan, inda yake sayar da takalma, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Rabin aurensu a waya aka yi shi. Tun ana tafiya gidan mai gari a jira kira har kowa ya samu tasa salula, Sauda ta saba sanin halin da mijinta ke ciki daga muryarsa kawai, da kuma hayaniyar da ke bayansa.

Ciwon ciki ne ya ɗauke shi a wata damina, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Da ta fita takaba, yayanta Zakari, dillalin dabbobi ne a Tawa, ya je ya kwaso su ya ba su ɗaki a gidansa. Ba ta yarda ta zauna ana ciyar da ita ba. Ta ƙulla hulɗa da wasu matan Buzaye na wajen Takanamat suna aiko mata da cuku, ta kama wuri a tasha, a hankali har masu saye daga Yamai da Ƙonni suka riƙa aiko mata saƙon murya a WhatsApp, ita kuma ta ba direba ya kai. Rubutu ba ya mata sauri, amma a magana babu mai juya ta.

Manema sun fito a cikin gari, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wani ya ce sai ta bar tasha, wani ya ce sai ta mai da yaran dangin ubansu. Ta sallame su cikin mutunci. Ƙanwarta Shamsiya, wadda ke aikin jinya, ita ce ta kawo maganar wani zaure na WhatsApp da wata dattijuwa ke kula da shi, inda zawarawa da gwauraye ke gabatar da kansu don neman aure. Zakari ya ɓata rai da ya ji, ya ce shi bai san auren da ake fara shi da mutumin da ba a san ƙofar gidansu ba. Sauda ta ba shi amsa a natse, ta ce ƙofar gidan ita za ta nemo ta, kuma duk wanda za ta yi magana da shi, sai yayanta ya san sunansa tun ranar farko. Bai hana ba, ta ɗauki hakan a matsayin izini.

Na farkon da ya neme ta ya ce sunansa Anas, ɗan Tebaram ne, yana da shagon yadi a Abijan. Hotonsa na wani kyakkyawan mutum ne da farar shadda da hula zanna, lambarsa kuma ta can ƙasar ce. Shamsiya ta ce kada lambar ta ruɗe ta, don mutum na iya buɗe WhatsApp da lambar wata ƙasa alhali yana zaune a bayan gidanku. Sauda ta ce ta ji, ta ci gaba da hira da shi kamar yadda take yi da baƙon da ya zauna a rumfarta yana jiran mota.

Bakinsa da daɗi, amma kunnenta bai kwanta ba. Inda mutumin Adar zai ce munka da sunka, shi muka da suka yake cewa. Da ta taɓo zancen cikin raha, ya ce zama da Kanawan Abijan ne ya canza masa harshe. Ta ga hakan na iya yiwuwa, ta bar shi. Sai wata rana da yamma suna waya, ta ji ana kiran sallar magariba a bayansa, alhali a Tawa rana ba ta gama faɗuwa ba. Ita kuwa ta san Abijan a bayan Tawa take yin magariba, don a watan azumi marigayi ya sha yi mata ƙorafi cewa ta riga ta sha ruwa shi yana nan yana kallon rana. Ta gane ba daga Abijan yake magana ba. Kashegari, cikin hirar gida, ta tambaye shi ko ya san wata Hajiya Ladi mai waina a bakin kasuwar Tebaram. Babu wata Hajiya Ladi, a nan take ta ƙirƙiro ta. Anas ya ce ai tun yana yaro yake cin wainarta, har ya tambaya ko tana nan da rai.

Duk da haka ta ba shi dama ta ƙarshe, ta ce su yi kiran bidiyo. Ya yi ta ja, yau rezo, wato sabis na waya, babu kyau, gobe yana cikin kasuwa. Ranar da ya yarda, ta sa hijabinta ta zauna a tsakar gida, Shamsiya na gefe. Mutumin hoton ya bayyana yana murmushi yana gyaɗa kai, sai dai leɓensa na tafiya daban, maganar na tafiya daban. Sauda ta gaishe shi, sannan ta ce cikin fara'a, “Malam Anas, ɗan ɗaga hular nan in ga ko hurhura ta hwara hita.” Mutumin ya ci gaba da gyaɗa kai, hula na nan daram. Ta maimaita. Sai kiran ya yanke. Shamsiya ta ce tsohon bidiyon wani ne ya kunna mata yana magana a kai. Sauda ta toshe lambar, ta aika wa mai kula da zauren bayani don a cire shi, ta ɗauki farantinta ta tafi tasha. Abin bai hana ta cin abincin rana ba.

Bayan 'yan watanni sai ga wani, Attahir, shi ma ta zauren. Shi bai fara da yabon kyau ba. Saƙonsa na farko gaisuwa ce doguwa irin ta mutanen ƙauye, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi rani. Ya ce shi mutumin Afala ne, nan ƙasar Adar, ya haura arba'in da biyar, yana gasa tsire a unguwar Ajame ta Abijan, sun rabu da matarsa shekarun baya, mahaifiyarsa Inna Tani na nan da rai a gida. A hoton da ya sa, yana tsaye gaban teburin nama da wuƙa a hannu, yana dariya, da tsaga biyu a kuncinsa na dama.

Sauda ta bi da shi ta hanyar da ta bi da na farko, ba tare da ya ji ana tuhumarsa ba. Hausarsa ta Adar ce tsantsa, jefi-jefi da kalmomin Faransanci. A bayan muryarsa tana jin kwandastocin ƙananan motoci na kiran unguwanni da ta sha jin sunayensu a bakin marigayi, tana jin mata na ciniki da Julanci, harshen kasuwar can. Magaribarsa na zuwa bayan tata. In ta tambaye shi abu yau, ta sake zagayowa da shi ta wata fuska bayan kwanaki, amsar ba ta canzawa: sunan kawunsa, gonar da suke nomawa, shekarar da ya fara tafiya. Da ta jefa masa sunan wani mai shayi da ta ƙirƙiro a Afala, ya ce gaskiya bai san shi ba, watakila bayan tasowarsa ya zo. Shi ma yana tambayarta, yana kuma riƙe abin da ta faɗa. Bai taɓa roƙonta komai ba, bai nemi wani hoto ba bayan wanda ta sa, kuma da kansa ya nemi lambar Zakari ya gaishe shi.

Hirar ta fara yi mata daɗi fiye da yadda ta shirya. Ta kama kanta tana duba waya tsakanin mota da mota. Saboda haka ne ma ta ga lokaci ya yi da za a ga juna, kafin zuciya ta riga ido.

Nan ne Attahir ya fara zamewa. Da farko ya ce kyamarar wayarsa ta fashe. Da ta ce ya ari ta maƙwabci, ya ce hayaƙin wurin aiki ba zai bari ta gan shi ba. Da ta ce to ranar Juma'a bayan masallaci, ya ce Allah ya kai mu, Juma'a ta zo ta wuce bai kira ba. Shamsiya ta ce wannan ma irin wancan ne, ya dai fi shi iya shiri, a toshe shi kawai. Sauda ba ta yarda ba, kuma ba ta musa ba. A ganinta mutumin yana inda ya ce yake, kuma daga inda ya ce ya fito, amma akwai abin da yake ɓoyewa, kuma abin yana jikin fuskar nan. Ko dai hoton ba nasa ba ne, ko kuma wani dalili da ba ta hango ba. Ko wanne ne, ba za ta ci gaba a makance ba.

Ta danna waya ta yi masa saƙo ɗaya, muryarta babu faɗa babu roƙo.

“Malam Attahir, hirarka ta yi mini, ba ni ɓoye maka. Amma ni uwar ɗiya biyu ce, ba ni kai maganar mutum gaban yayana ban gan shi ba. In ka shirya, ka kira ni da rana, ina ganinka kana ganina. In ba ka shirya ba, babu laihi, sai mu tsaya nan, kowa shi riƙe mutuncinshi.”

Ta ga alamar ya saurara. Bai amsa ba. Kwanaki suka wuce, ba ta ƙara masa ko gaisuwa ba, duk da abin na cinta. Ta ci gaba da harkarta, ta karɓi kaya daga Takanamat, ta yi rigima da wani direba da ya jiƙa mata saƙo.

Wata safiya, tana shirin fita, waya ta yi ƙara, kiran bidiyo ne. Ta gyara hijabi, ta kira Shamsiya da ke wanke-wanke, ta zauna a kan tabarma ta ɗauka.

Da farko rufin kwano kawai ta gani. Sannan wayar ta sauko a hankali. Gefen dama na fuskar shi ne na hoton, da tsagar nan biyu, sai dai ya ƙara manyanta. Gefen hagu kuwa, tun daga kunne har wuya, tabon ƙuna ne, fatar ta tattare ta yi sheƙi, ta ja gefen bakin ƙasa, kunnen ma saura rabi. Shamsiya, da ta saba ganin irin wannan a wurin aiki, ba ta motsa ba. Sauda ba ta kau da ido ba. Ta yi masa ina kwana, ta tambayi aiki, kamar kullum. Ya amsa, kuma muryar ita ce dai wadda ta sani, tana fita daidai da motsin bakin.

Ya ce tukunyar gas ce ta fashe a shagon da ke jikin teburinsa, shekaru huɗu ke nan. Ya daɗe a asibiti. Bayan ya warke auren nasa bai ƙara daidaituwa ba. Hoton kuwa kafin abin ya faru aka ɗauke shi. Ya ce ya taɓa nuna kansa ga wata a zauren nan, tana ganinsa ta kashe waya ta toshe shi, shi ya sa ya yi ta jan ƙafa.

Tausayi ya kama Sauda, amma bai sa ta manta abin da ya zaunar da ita ba. Shamsiya ta taɓa gaya mata cewa yanzu har fuskar wani ana iya ɗorawa a kan ta mutum ana cikin kira, sai dai abin kan wargaje in mutum ya juya sosai ko ya gitta hannu. Don haka ta ce ya yi haƙuri ya juya mata gefe da gefe, ya shafa fuskarsa da hannu. Ya yi, babu abin da ya gurɓace. Ta ce tana son ganin wurin sana'ar da ake ta ba ta labari. Ya tashi ya fita da wayar, ta ga teburin nan na hoto, an sake masa fenti, ta ga tsinkayen nama jere, ta ga titi da motoci da allunan Faransanci. Wani dattijo mai sayar da goro ya leƙo ya ce, Attahiru da wa kake magana tun da sahe, ya gaishe ta da Hausar Adar, ya ce shi mutumin Illela ne.

Da ya koma ciki ya zauna, ya ce, “To, Malama Sauda, kin gani. Mi kinka ce?”

“Na ga kai ne,” in ji ta. “Ƙuna kuwa ba kai ka sa ma kanka ba, ba ni da magana a kanta. Abin da ya tsaya mini shi ne hoton, da zancen kyamara ta hwashe. Kai ne cikin hoton, amma kai na da. Da ka ce mini akwai abin da ba ka shirya nuna mini ba, da na jira ka. Ƙarya ce ba ni so, ko ƙarama.”

Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi gaskiya, ba shi da abin kare kansa. Ta ce ya ba ta lokaci, kuma ya sani duk abin da ta gani za ta faɗa wa yayanta.

Ta faɗa ɗin, ba ta rage komai ba, har da ƙaryar kyamara. Zakari ya saurara yana jan gemu. Ya ce fuska ba ita ke riƙe gida ba, amma waya ta nuna mutum ne kawai a Abijan, ba ta nuna cewa shi ne ɗan Inna Tani ta Afala ba. Sauda ta ce abin da ya rage ke nan, kuma aikinsa ne.

Da Zakari ya je Afala cinikin awaki, bai sanar da Attahir ba. Ya tambayi mahauta, suka ce sun san shi sarai, wanda wuta ta ci a Abijan, suka nuna masa gidan. Ya tarar da tsohuwa tana sussukar gero a inuwar bedi, wato dogon yaro. Bayan gaisuwa ya faɗa mata abin da ke tafe da shi, ya nemi inda rezo ke kamawa a tsakar gidan, ya kira Attahir ta bidiyo ya miƙa mata wayar. Tsohuwa ta kai ta kusa da ido, ta kira shi da wani sunan yarinta da ya sa shi rufe fuska don kunya, ta shiga yi masa faɗan rabonsa da kira. Zakari ya dawo Tawa yana dariya, ya ce wa ƙanwarsa mutumin nan dai na mutane ne. Ya ƙara da abin da ya ji a gari, mai daɗi da marar daɗi: ba ya wasa da sallah, yana kula da uwarsa, amma an ce yana da saurin fushi kafin haɗarin, yanzu ya yi sanyi.

Sauda ta ɗauki makonni tana juya maganar. Ta yi istihara. Ta zaunar da 'ya'yanta ta gaya musu yadda mutumin yake, don kada su gan shi su firgita. A tsakanin nan, ba tare da ta ce ya yi ba, Attahir ya cire tsohon hoton ya sa sabo, wanda mai goro ya ɗauke shi a gaban tebur, fuskar gaba ɗaya a fili. Da ta gani ta kira shi ta ce in ya zo noma ya biyo ta gidan yayanta.

Ya zo da farkon damina, da rawani ya rufe rabin fuska saboda idon mutane. A zauren Zakari ya sauke shi. Suka gaisa, ta kawo ruwa, ta zauna daga bakin ƙofa. Ya fi yadda take zato gajarta, kuma a fili ya fi jin kunya fiye da a waya, har sai da ita ta riƙa jan hirar. Ta shimfiɗa sharuɗɗanta a gaban yayanta: ba za ta bar sana'a ba, ba za ta rabu da yaranta ba, ba za ta koma Abijan ba. Attahir ya ce shi ma gajiya da Abijan ce ta sa shi neman matar gida.

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba a yi wani taro mai yawa ba. Ya koma Abijan rani ɗaya ya sayar da wurinsa ga wani ɗan garinsu, ya dawo gaba ɗaya. Zaman bai rasa 'yan saɓani ba, don saurin fushin da aka faɗa bai mutu duka ba, ita kuma ba mai haɗiye magana ba ce. Ƙaramar 'yarta ta daɗe ba ta iya cin abinci a gabansa, sai a hankali ta saba, har ta koma ita ke bin sa gona in an yi hutu.

A bana suka kama ɗan shago a bakin hanyar da ke fita arewa daga Tawa, gaba teburin tsire, ciki kayan Sauda. Sun yi kwana biyu suna gardama a kan launin da za a shafa wa ƙofa, shi yana son shuɗi, ita kore. Ranar da mai fenti ya zo Attahir ya tafi Afala duba Inna Tani, ya dawo ya tarar da ƙofa koriya shar, ya tsaya ya dube ta, ya ce ba laifi, ya shiga hura gawayi.